Garmar Hannu, Shanun Huɗa ko Tarakta: Yadda Ake Kwatanta Su a Darasin Injinan Noma

Kusan kowane zangon karatu sai ɗaliban kwalejojin noma da na sashen injiniyancin noma sun dawo da tambaya ɗaya: an ba su aiki su kwatanta kayan noma na hannu da shanun huɗa da tarakta, ta ina za su fara? Abin da akasari suke miƙa wa malami shi ne jerin amfani da illa. Tarakta tana da sauri amma tana da tsada, fartanya tana da araha amma tana gajiyarwa. Wannan ko yaron da ke kai wa 'yan ƙwadago fura ya san shi, kuma ba ya ba da maki.

Abin da malami yake son gani amsar tambaya uku ce, kowacce da lamba: awa nawa hekta ɗaya take ci, naira nawa take ci, kuma za a gama kafin lokacin aikin ya wuce? Ga yadda ake bi a samo su. Zan yi amfani da gona ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Farashin da na sa na misali ne don lissafi ya fito fili, kai sai ka je kasuwarku ka ɗauko na ranar.

## 1. Tsayar da aiki ɗaya a gona ɗaya

Ba a kwatanta "noma" gaba ɗayansa. Ɗauki aiki guda, ka faɗi girman gonar, irin ƙasarta, da yadda kake son ka tarar da ita idan an gama. Gonarmu hekta 5 ce, jigawa mai ɗan laka, an noma ta bara, babu kututture. Aikin shi ne huɗa don shuka masara, tazarar kunya da kunya santimita 75, kuma ana so a gama cikin kwana 10 bayan ruwan shuka ya sauka.

Kafin ka je ko'ina, yi wannan ɗan lissafin. Hekta murabba'in mita 10,000 ce. Raba ta da 0.75, za ka samu mita 13,333. Ma'ana, a kowace hekta akwai kunya mai tsawon kilomita 13 da ɗoriya, kuma ko mutum ne, ko sa, ko inji, sai ya bi wannan tsawon. Riƙe wannan lambar, za ta yi maka amfani wajen gane ko lissafinka na gaba ya kauce.

Gargaɗi: daidaita sakamako, ba sunan aiki ba. Mai garmar hannu da mai shanu suna iya fasa tsohuwar kunya su tayar da sabuwa a shiga ɗaya. Mai tarakta kuwa yawanci sai ya fara buga haro kafin ya ɗaura rija. Idan ka ƙirga rijar kaɗai ka manta da haro, ka yi wa tarakta alfarma tun ba a fara ba.

## 2. Kayan awo

Ba su da yawa. Tef mai mita 50, agogon waya, turaku, ruwan ma'auni ko sanda mai alama don auna tsayin kunya da zurfin kwari, alli ko fenti don yi wa taya alama, jarkar dizal da gwangwanin awo na lita ɗaya. Idan makarantarku tana da ma'aunin ƙarfin ja, wanda ake ɗaurawa tsakanin karkiya da garma, ka ara. Idan babu, babban sikelin rataya mai ɗaukar kilo 200 zai yi wa shanu. Kada ka kuskura ka ɗaura shi a bayan tarakta, tsinkewa zai yi, kuma ƙarfen da ya fizge ba ya zaɓen wanda zai sama.

Kafa turaku ka ware fili mai tsawon mita 50 da faɗin mita 30 ga kowane ɗaya daga cikin ukun. A yi gwajin rana ɗaya ko a jere, don ƙasar da ta sha ruwa jiya daban take da wadda ta kwana huɗu tana shan rana.

## 3. Lissafa ƙarfi, amma kada ya ruɗe ka

Ƙarfin aiki shi ne ƙarfin ja a ninka da gudu. Idan ja yana cikin niyuton, gudu kuma mita a daƙiƙa, amsar tana fitowa da wat. Ƙarfin doki ɗaya wat 746 ne.

```
P = F × v
```

Littattafan wannan darasi suna ba baligi mai lafiya kimanin kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin doki, wato wajen wat 75, idan aiki ne na sa'o'i. Zai iya wuce haka na ɗan lokaci, amma ba zai wuni a kai ba, balle cikin zafin farkon damina.

Ga shanu, ƙa'idar da ake koyarwa ita ce sa yana iya jure jan abin da ya kai kimanin kashi 10 cikin ɗari na nauyin jikinsa na tsawon sa'o'in aiki. A ce bijimanmu biyu kowanne kilo 350 ne, jimla 700. Kashi goma kilo 70 ke nan, wanda idan ka ninka da 9.8 zai ba ka kusan niyuton 690. Suna cin mita 50 cikin daƙiƙa 72, wato mita 0.69 a daƙiƙa, ko kilomita 2.5 a awa. Ninka biyun, ka samu wajen wat 480. Shanu biyu cikakku ba su kai ƙarfin doki ɗaya ba a wannan misali, amma sun ninka mutum fiye da sau shida.

Idan kana karanta sikeli a fili za ka ga allurar tana rawa, tana tsalle duk lokacin da bakin garma ya ci karo da saiwa. Kada ka ɗauki lamba mafi girma. Karanta sau goma ko fiye a kan kunya ɗaya ka fitar da matsakaici. Sannan ka tuna sarƙar a karkace take, daga wuyan sa zuwa ƙasa, don haka abin da sikeli ya nuna ya ɗan ɗara ainihin jan da ke tafiya gaba.

Tarakta ita ce wurin da ɗalibai suka fi zamewa. Ɗauki irin Massey Ferguson 375 da ake yawan gani a gonakinmu, mai ƙarfin doki 75, wato kusan kilowat 56. Wannan lambar ta inji ce. Kafin ƙarfin ya isa ga rija, giya ta ci nata, tura nauyin ita kanta motar ya ci nasa, taya kuma tana sulɓi a cikin ƙasa mai laushi. A gonar da aka buga wa haro, abin da ke saura a wurin ja bai fi rabi da ɗan wani abu ba, a ce kilowat 30.

Sulɓin taya yana da sauƙin aunawa, kuma malamai suna son ganinsa a rahoto. Yi wa tayar baya alama da alli. Bari direba ya tafi da rija a ɗage, ka auna nisan da taya ta ci a juyi goma. Sai ya sauke rija cikin ƙasa a maimaita.

```
slip (%) = (A − B) / A × 100
```

A shi ne nisan farko, B na biyu. Idan ka samu mita 45 da mita 39, sulɓin kashi 13 ne, kuma daidai ne, don tsakanin 10 da 15 ake so a irin wannan aiki. Idan ya haura 20, ana ƙona dizal da taya a banza: ko ƙasar ta jiƙe da yawa, ko an zurfafa rija, ko taya ta suɗe.

Yanzu dubi abin mamaki. Kilowat 30 ya ninka wat 480 fiye da sau sittin. Ɗalibi mai gaggawa sai ya rubuta cewa tarakta ɗaya tana yin aikin shanu ɗari da ashirin. Mataki na gaba zai nuna maka ba haka abin yake ba.

## 4. Auna yawan filin da ake ci a awa

Wannan ita ce zuciyar aikin. Ga ƙa'idar:

```
C = W × S × E / 10
```

C hekta ce a awa, W faɗin da ake ci a tafiya ɗaya da mita, S gudu da kilomita a awa. E kuwa shi ne kason lokacin da aka yi ana aikin gaske, bayan an cire juyawa a bakin gona, hutu, kankare laka daga bakin garma, ɗaure ƙusar da ta kwance da sauransu.

Mu fara da shanu. Garmar huɗa irin Emcot, wadda ita ce aka fi sani a arewacin Najeriya, kunya ɗaya take fitarwa a tafiya, don haka W mita 0.75 ne. A filin gwajinka mai faɗin mita 30 akwai kunya 40. Kowacce daƙiƙa 72, jimla minti 48. Amma agogon da ka kunna tun shigarsu bai tsaya ba sai a minti 69. Raba 48 da 69, E ya zama 0.7. Sa su a ƙa'ida: 0.75 sau 2.5 sau 0.7, a raba da 10, ya ba da hekta 0.13 a awa, wato awa 7.6 kowace hekta.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne a ninka da awa takwas a ce aikin yini ke nan. Shanu ba sa yin awa takwas a huɗa. Ana fita da su da sassafe, kafin rana ta take an kwance karkiya, awa huɗu zuwa biyar. Bayan haka sai sun ci, sun sha, sun kwanta sun yi tuƙa. Da awa huɗu a rana, rabin hekta da ɗan kai suke yi, kuma hekta 5 za ta ci su awa 38, kwana tara da rabi.

Wani abin lura: kada ka auna gudunsu a kunyoyin farko kaɗai. Da sanyin safiya suna tafiya da kuzari, amma je ka sake aunawa a awa ta uku, lokacin da bakinsu ya fara kumfa, mai jan igiya yana ta "haba, haba", ɗaya yana noƙewa yana barin wa ɗan'uwansa nauyin karkiya. Matsakaicin waɗannan biyun shi ne gudun gaskiya.

Ga mai garmar hannu, ba sai ka wahalar da kanka da W da S ba. Auna tsawon kunyar da ya tayar a awa, da hutunsa a ciki. A ce mita 200 ne. A awa biyar na aikin kirki ya yi kilomita ɗaya. Ka tuna hekta kilomita 13.3 ce, don haka mutum ɗaya zai yi kwana 13 da ɗan kai, kusan awa 67. Hekta 5 kwanan mutum 67 ke nan. In ana so a gama cikin kwana goma, sai an samu mutum bakwai kullum ba fashi.

Gargaɗi: wanda ya san ana auna shi da agogo yana ƙara wuta. Haka kuma ɗan jinga ya fi ɗan yini sauri, amma duba kunyarsa, sau da yawa ta fi ƙanƙanta. Shi ya sa kake riƙe da sandar awo. Auna tsayin kunya a wuri biyar a kowane fili, ka rubuta. Saurin da aka samu da rage ingancin kunya ba sauri ba ne.

Tarakta: rija mai fitar da kunya biyu a tafiya tana cin mita 1.5. Mita 50 cikin daƙiƙa 30, kilomita 6 a awa. Da E na 0.75, an samu hekta 0.68 a awa, awa ɗaya da rabi kowace hekta. Haro mai faɗin mita 2, da gudun kilomita 7 da E na 0.8, yana cin hekta 1.12 a awa, kusan awa 0.9. Haɗa su, awa 2.4 a hekta, awa 12 ga gonar duka. Yini ɗaya da rabi.

To ga amsar abin mamakin ɗazu. A huɗa kaɗai, tarakta ta ninka shanu biyu sau biyar ne kawai a awa. Idan aka haɗa da haro, sau uku da ɗan kai. Ina sauran ƙarfin ya tafi? Wani ya tafi a zurfi, don tarakta tana motsa ƙasa mai yawa fiye da garmar shanu. Wani ya tafi a gudu, don ƙarfin da ake bukata yana ƙaruwa idan ana jifa da ƙasa da sauri. Sauran kuma ba a ma taɓa shi ba, saboda rijar ta yi wa injin ƙanƙanta. Inda tarakta ta fi su da gaske shi ne ba ta gajiya: in akwai direba da mai, za ta yi awa goma, har da fitila.

E na tarakta yana faɗuwa warwas a ƙananan gonaki. Filin gwajinka mai mita 50 ya yi mata gajarta, juyawa zai cinye lokaci. Idan da hali, auna ta a fili mai tsawon mita 100 ko fiye, ka faɗi haka a rahotonka.

## 5. Fitar da kuɗin hekta ɗaya

Kuɗi iri biyu ne. Akwai tsayayye, wanda ke tafiya ko an yi aiki ko ba a yi ba. Akwai na aiki, wanda ba ya motsi sai an fita gona. Duk sirrin kwatancen yana cikin yadda ake raba tsayayyen kuɗi a kan sa'o'in aikin shekara.

Na hannu ba shi da wuya. A ce ɗan ƙwadago naira 4,000 ne a yini, abinci da ruwa 1,000. Kwana 13.3 sau 5,000 ya kama kusan 67,000. Garmar kanta, da ƙota da kai wa maƙeri ya gyara baki, ba za ta ƙara fiye da dubu ɗaya a hekta ba. A ce 68,000. Kada ka rubuta sifiri don 'ya'yan gida ne suka yi aikin. Sa musu kuɗin da za a biya su a gonar maƙwabci.

Na tarakta yana da ƙa'idojinsa a littafi:

```
D = (P − S) / N
I = (P + S) / 2 × r
```

D faɗuwar daraja ce a shekara, P kuɗin saye, S abin da za a sayar da ita a ƙarshe, N shekarun aiki. I kuɗin jari ne, r kuwa kason da ake ɗora wa jarin a shekara. Ɗalibai kan ce, ai ba bashin banki aka ci ba, me ya kawo kuɗin ruwa? Ba maganar ruwa ba ce. Kuɗin da ka daskarar a ƙarfe, da ka sa shi a hatsi ko kiwo da ya kawo riba, wannan ribar da ka rasa ita ake ƙirgawa.

A ce tarakta da haro da rija naira miliyan 40 ne, shekara 10, a sayar miliyan 4. Faɗuwar daraja miliyan 3.6. Kuɗin jari a kashi 15 cikin ɗari na miliyan 22 ya zama miliyan 3.3. Rumfa da inshora da gadi 600,000. Tsayayyen kuɗi miliyan 7.5 ke nan a shekara, ko da ta kwana a rumfa kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta.

Kuɗin aiki kuma a awa ake yinsa. Hanya mafi inganci ta sanin shan mai ita ce a cika tanki fal a wuri mai daidai, a yi aikin, a dawo wurin a sake cikawa da gwangwanin awo. Idan ba ka samu yin haka ba, ƙiyasin littafi na matsakaicin shan dizal shi ne 0.223 a ninka da kilowat na PTO, wato sandar da ke juya na'urori a bayan tarakta. Da kilowat 45, lita 10 ke nan a awa. A naira 1,200 lita, 12,000. Baƙin mai da giris da matatai ana ɗaukarsu kashi 15 na kuɗin dizal, 1,800. Gyara 4,000, direba da yaronsa 1,200. Jimla 19,000 a awa.

Yanzu raba. Idan tana samun awa 800 a shekara, tsayayyen kuɗi ya zama kusan 9,400 a awa, a haɗa da 19,000 ya zama 28,400, sau awa 2.4, kusan 68,000 a hekta. Idan awa 300 kaɗai take samu, hekta ta tashi kusan 106,000. Idan kuwa mai hekta 5 ya saye ta don gonarsa kawai, tsayayyen kuɗi kaɗai miliyan ɗaya da rabi ne a kowace hekta.

Gargaɗi: kada ka kwafo awa 1,000 daga littafi ka liƙa. A yankin da damina ɗaya ce, gyaran gona 'yan makonni ne. Tambayi mai taraktar ko tana jan tirela da kaka, ko tana casa, ko tana bin damina daga kudu zuwa arewa, ko tana shiga noman rani. Wannan ne ke nuna ko za ta kai awa 800.

Daga nan za ka iya fitar da lambar da malamai ke so ƙwarai, wato girman gonar da saye ya fara fin haya. A ce haya, haro da rija, 80,000 ce a hekta. Kuɗin aikinka 19,000 sau 2.4, wato 45,600. Bambancin 34,400. Raba miliyan 7.5 da shi, ka samu hekta 218 a shekara. Ƙasa da haka, haya ta fi.

Shanu su ne masu wuyar lissafi, don ƙa'idar inji ba ta zauna musu daidai. Inji tsufa yake yana faɗuwa. Bijimin da aka saya yana ɗan shekara uku, aka yi aiki da shi shekara huɗu ana ciyar da shi da kyau, ƙara nauyi yake, kuma mahauci zai saye shi fiye da yadda aka sayo shi. A ce an sayi biyun miliyan 1.2, an sayar miliyan 1.6. D ya fito da alamar ragi: ribar 100,000 ce a shekara. Sai dai ka yi amfani da farashin yau ga duka biyun, wato kuɗin ƙaramin sa yau da kuɗin babban sa yau. In ba haka ba, faɗuwar darajar naira za ka ƙirga a matsayin riba.

Abin da ke cin kuɗi shi ne ciki. Sa yana cin busasshen abinci kimanin kashi biyu da rabi cikin ɗari na nauyinsa kullum, wajen kilo 9 ga mai kilo 350, kuma yana ci kwana 365 ko ya yi huɗa ko bai yi ba. Harawa, karan dawa, kowa, dusa, angurya, kanwa: sa wa kowanne kuɗi ko da daga gonar gida ya fito, tunda da an kai kasuwa za a saya. A ce 600,000 a shekara. Kuɗin jari 210,000, mai kiwo 120,000, magani da rigakafi 40,000, garma da karkiya da sarƙa da canjin baki 25,000. Ƙara kashi 4 na darajarsu, 56,000, saboda mutuwa ko sata, abin da kusan kowane ɗalibi ke mantawa duk da cewa a wasu yankunan yanzu shi ne abu na farko da manomi ke tunani. Cire ribar nauyi 100,000 da taki 50,000. Abin da ya rage kusan 900,000 ne.

Idan gonar hekta 5 kaɗai suke yi, huɗa da ban ƙasa, awa 76 ke nan a shekara. Huɗar kowace hekta, awa 7.6, ta ɗauki 90,000, ga kuɗin mutum biyu, mai riƙe garma da mai ja, na kusan kwana biyu, 19,000. Jimla 109,000, sun fi 'yan ƙwadago tsada. Amma idan suna huɗar haya, suna jan amalanke da taki da ruwa da amfanin gona har suka kai awa 450, awa ɗaya ta koma 2,000, hekta kuma ta sauko kusan 34,000. Shanun nan dai su ne, garmar ita ce, amma sun tashi daga mafi tsada sun koma mafi araha. Saboda haka duk rahoton da ya ba da kuɗin hekta bai faɗi awannin shekara ba, ni ba na karɓarsa.

## 6. Gwada kowanne da kwanakin da ake da su

Komawa za ka yi kan kwana 10 na mataki na farko. A takarda, duka ukun sun shiga: mutum bakwai kwana goma, shanu kwana tara da rabi, tarakta yini ɗaya da rabi. A fili kuwa kowanne da inda yake yoyo.

Mutum bakwai a makon da kowa ke son shiga tasa gonar ba su samuwa da sauƙi, kuma a makon ne kuɗin yini ke tashi. Shanu kwana tara da rabi ba su bar ranar hutu ko ranar ruwan sama ba. Ga kuma matsalar da ke cikin tsarin damina kanta: lokacin da aka fi bukatar ƙarfinsu shi ne ƙarshen rani, sa'ad da suka fi rama. Bijimin da ya sauko daga kilo 350 zuwa 300 ya rage ja, kuma ba zai kai awa huɗu ba. Shi ya sa masu shanun kirki ke ɓoye harawa su fara ƙara musu abinci makonni kafin ruwa, su kuma ɗan riƙa ɗaura musu karkiya don wuya ya saba, kada ya yi gyambo a makon farko.

Ita kuma taraktar haya, awa 12 ne aikinta, amma yaushe za ta zo? Mai ita ya fi son manyan gonaki da ke kusa da juna. Mai hekta 5 a ƙarshen layi yake, kuma idan wani ƙarfe ya karye aka tafi birni nemansa, layin ya tsaya cak. Don haka a rahotonka ka rubuta kwanakin jira, ba awannin aiki kaɗai ba, sannan ka sa musu kuɗi. Idan jinkirin mako biyu zai rage buhu biyu a hekta, buhu kuma 40,000 ne, to hayar 80,000 ta zama 160,000. Nemi adadin ragin daga sakamakon gwajin lokacin shuka na cibiyar bincike irin ta Samaru ko daga malaman gona na yankinku, kada ka ƙirƙira.

## 7. Abin da lissafi bai kama ba, da yadda ake yanke hukunci

Kafin ka rufe, koma gonar ka dube ta da ido. Kututture da saiwoyi suna fasa faifan haro su huda taya, kuma kuɗin tumɓuke su na tarakta ne, a kanta za ka ɗora. Gonar da ke cike da gawo da ɗorawa da kaɗanya, shanu suna zagaye su cikin sauƙi, tarakta kuwa kowace bishiya ragin E ce. A jigawa mai rairayi, yawan buga haro yana niƙe ƙasa iska da ruwa su kwashe. A ƙasa mai laka, shiga da tarakta tana jiƙe yana danne ƙasan kunya, sai ka ga ruwa ya kwanta a kwari, saiwar masara kuma ta tanƙware ta bi gefe. Inda ƙudan tsando yake da yawa, sammore yana hana shanu aiki, kuɗin magani ma ya canza. Fadamar da ta bushe ta yi tauri kuwa, shanu biyu ba za su iya fasa ta ba ko an dake su.

Sannan ka tambayi abin da zai biyo bayan huɗa. Wanda ya samu tarakta ya buɗe hekta 15 maimakon 5, amma noman firi da maimai da fartanya za a yi su, ya ɗauke cunkoson ne daga makon huɗa ya kai shi makon ciyawa. A nan garmar shanu tana da wata fa'ida da ba ta fito a lissafinmu ba, don tana iya komawa tsakanin kunyoyi ta yi ban ƙasa bayan shuka ta tashi, muddin an yi karkiyar daidai da tazarar kunya yadda shanun za su bi kwari ba su taka shuka ba. Idan tarakta ce ta yi kunyar, tabbatar tazarar rijar ta dace da karkiyar da za ta biyo baya.

Hukuncin da za ka rubuta na wannan gonar ne kaɗai, tare da sharaɗinsa. Ga tamu mai hekta 5: sayen tarakta ya fita daga magana. Shanu ne mafi araha idan za su samu aikin haya da amalanke da zai kai su awa ɗari huɗu ko fiye, kuma idan akwai harawar da za ta fitar da su rani. Idan babu wannan, a yi hayar shanu ko ta tarakta don huɗa, gwargwadon wanda zai zo a kan lokaci, a bar fartanya ga ciyawa. Daga nan sai ka canza lamba ɗaya ka sake lissafi: dizal ya tashi da rabi, ko kuɗin ƙwadago ya ninka, ko gonar ta zama hekta 20, inda shanu biyu za su bukaci kwana 38 su gama huɗa. Nuna a wace lamba ce hukuncin ya juya, ka sa wannan a shafin ƙarshe na rahoton tare da takardar awon da ka cike a gona.